Lambar QR ta liƙe a rumfa da wadda ake fitarwa a kowane ciniki: wacce za ka ɗauka?

Shekara biyu ke nan ina riƙe wa Kawu lissafin shagonsa na atamfa da shadda a babbar kasuwar Garwa, kuma a layin masu kayan miya Goggona ke da rumfarta. Su biyun duka suna karɓar kuɗi ta waya, su biyun duka suna da lambar nan mai kusurwa huɗu da ake kira QR, amma ba iri ɗaya ba ce, kuma ni na ba su shawarar kada su yi iri ɗaya. Tun daga lokacin maƙwabta ke tsayar da ni suna tambaya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na sani a wuri guda.

Wanda ya kalli lambobin biyu da ido ba zai ga bambanci ba, ɗigo-ɗigon baƙi ne a kan fari. Bambancin yana cikin tambaya guda: wa ke rubuta yawan kuɗin? A lambar da ake bugawa a takarda a liƙa a jikin rumfa, mai saye ne ke rubutawa. Ya haska lambar da wayarsa, sunan mai rumfa ya fito, shi da hannunsa ya danna 1,500 ko 15,000, ya sa lambar sirrinsa, kuɗi su tafi. A wadda ake fitarwa a kowane ciniki kuwa, mai sayarwa ne ke rubutawa. Ya buɗe manhajar 'yan kasuwa a wayarsa ko a na'urar shago, ya danna kuɗin, sabuwar lamba ta fito a fuskar wayar ɗauke da kuɗin a cikinta, mai saye ya haska, abin da ya rage masa kawai ya duba ya amince. Duk sauran bambance-bambancen, na kuskure, na damfara, na lissafin yamma, daga wannan tushen suka tsiro.

Lambar QR rubutu ce da aka mayar zane, ba asusu ba ce kuma babu kuɗi a cikinta. Wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ne ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun sassan mota a masana'anta, daga baya masu harkar kuɗi suka ɗauka. A 2017 ƙungiyar EMVCo, ta manyan kamfanonin katin banki, ta fitar da tsarin yadda za a jera bayanin ɗan kasuwa a cikin lambar, kuma ƙasashe da yawa a kansa suka gina nasu. Ba kowane kamfani ke bin sa ba, wasu lambar ɗan kasuwa kaɗai suke sakawa a ciki, amma duba shi yana sa mutum ya gane abin da ke faruwa. Kowane guntu yana da lambar gida, da tsawonsa, da abin da ke ciki. Ga guntayen da suka shafe mu a lambar liƙe:

```
010211
5303950
5802CM
```

Ga kuma na ciniki ɗaya, na sefa 37,500:

```
010212
5303950
540537500
5802CM
62090505A0147
```

Layin farko shi ke faɗa wa wayar mai saye irin lambar: 11 na nufin wadda za a yi ta amfani da ita, 12 na nufin sabuwa ce don wannan cinikin. 950 ita ce lambar sefar ƙasashenmu na tsakiyar Afirka, ko a Garwa kake ko a Njamena, sai dai a Cadi `TD` za ka gani a madadin `CM`. Gida na 54 shi ne kuɗin, kuma ka lura babu shi a ta farko. Gida na 62 yana ɗauke da lambar shaidar cinikin, a nan `A0147`, wadda ba za ta sake fitowa a wani cinikin ba. Waɗannan layuka biyu, kuɗi da shaida, su ne duk abin da mutum ke saye idan ya koma ga lamba mai sauyawa.

Bari in faɗi abin da ya sa Kawu ya koma. Da can shi ma ta liƙe yake da ita, a jikin katakon da ke bakin shago. Ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, shago ya cika, wata baiwar Allah ta ɗauki turmi uku a kan jaka goma sha biyu da rabi kowanne, wato 37,500. Ta haska, ta danna, wayar Kawu ta yi ƙara a aljihu, yaron shago ya leƙa fuskar wayarta ya ga uku da bakwai da biyar, ya naɗe mata kaya ta hau babur. Sai bayan Magariba da na zauna haɗa lissafi na ga abin da ya shigo 3,750 ne. Sifili ɗaya ya faɗi, ya tafi da 33,750. Har yau ban ɗauka da gangan ta yi ba, don wanda ya saba ƙirga kuɗi da dala da jaka a bakinsa, in aka ce ya rubuta shi da alƙaluman sefa a kan ƙaramar waya cikin turereniya, kuskure ba ya masa wuya. Mun yi sa'a lambarta ta fito a saƙon, muka kira, washegari ta aiko da cikon. Amma Kawu bai runtsa ba a daren, don ribar turmi da yawa ce ta tsaya a kan amanar mutumin da bai sani ba.

Da lambar ciniki ɗaya ce, wannan kuskuren ba shi da ƙofar shiga ta wajen mai saye. Kuɗin yana cikin lambar, manhajar tana nuna shi ne kawai. Ba wai kuskure ya ƙare ba, ya dai koma hannun mai shago, wanda ya san farashin kayansa kuma yake danna irin waɗannan alƙaluman sau hamsin a yini. In ma ya yi kuskuren ya rubuta 375,000, mai saye zai gani kafin ya sa lambar sirri, kuma babu mai barin a cire masa ninki goma yana kallo. Ido biyu ke kan kuɗin, kowanne da dalilinsa na lura.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a matsayina na mai lissafi. A shagon atamfa farashi kan maimaita kansa. Mutum biyu suka sayi turmi ɗai-ɗai na 12,500 a cikin minti biyar, kowanne ya ce ya biya, saƙo ɗaya ya shigo. Na wa ne? Da lambar liƙe sai ka tsaya kana tambayar kowa ƙarshen lambar wayarsa, ko kana duba sunan da ya fito, wanda sau da yawa ba na mai sayen ba ne, na mijinta ne ko na ƙaninsa da ya yi rajistar layin. Kana wannan binciken mutane biyar na jira. Da lamba mai sauyawa kowane ciniki da shaidarsa. `A0147` ya koma “an biya” a fuskar wayar shago, `A0148` yana nan yana jira, magana ta ƙare ba tare da an zargi kowa ba. Da yamma kuma jerin cinikin yana nan a jere da lokacinsa, sai in ɗora shi a kan littafin kaya in ga turmi nawa suka fita, kuɗi nawa suka shigo.

To me ya sa ban ce Goggo ma ta koma ba? Je ka tsaya a rumfarta rabin sa'a. Tumatir na 200, attarugu na 100, daddawa, kuɓewa busasshiya, wani lokaci bandar kifin Lagdo na 500. Hannunta a jiƙe yake ko da yaushe, tana ƙulla leda tana ba da canji tana amsa gaisuwa. Wayarta ƙarama ce mai maɓallai, cajinta na kwana uku. In aka ce kowane cinikin 300 sai ta goge hannu, ta buɗe manhaja, ta rubuta, ta jira lamba ta fito, ta juya wa mai saye fuskar waya a cikin ranar Garwa ta watan Afrilu da ko rubutu ba a gani, to an kashe mata kasuwa. Ita takardar da ke rataye a sandar rumfa ba ta cin caji, ba ta neman data, ba ta san an ɗauke wuta ba. Mutum uku na iya haska ta a lokaci guda. Abin da Goggo ke buƙata kawai saƙon shigar kuɗi ya iso ƙaramar wayarta. Kuma in wani ya yi kuskuren sifili a cinikin 500, asarar 450 ce, abin da za a iya cewa “gobe ka cika” a wuce wurin.

Nan ne nake ganin mutane ke ruɗewa, suna ɗauka mai sauyawa ita ce ta zamani, ta liƙe kuma ta waɗanda aka bari a baya. Ba haka ba ne. Mai sauyawa tana ɗora wa mai sayarwa nauyi uku da ta liƙe ba ta ɗora masa: babbar waya ko na'ura, caji, da rezo mai ɗaukar data a daidai lokacin ciniki. A yawancin tsare-tsare sai wayar shago ta yi magana da kamfani kafin lambar ta fito, kuma sai ta sake magana da shi kafin ta nuna an biya. Ranar da rezo ya yi rauni a cikin rumfunan kwano na tsakiyar kasuwa, za ka ga mai saye da kuɗinsa a asusu, mai shago da kayansa a hannu, ana kallon abu yana juyawa a fuskar waya. Shi ya sa ko a shagon Kawu ban yar da tsohuwar takardar ba. Tana cikin aljihun tebur, ana fito da ita idan na'ura ta ƙi, a mayar idan ta dawo.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da mai sauyawa, wadda ya kamata duk mai shirin komawa ya san ta tun kafin ta same shi. Lambar tana da wa'adi, yawanci 'yan mintuna. Mai saye ya haska, ya sa lambar sirri, an cire kuɗi a wajensa, amma tabbacin bai iso wayar shago ba har wa'adin ya cika. Yaron shago da bai sani ba sai ya fitar da sabuwa ya ce a sake, a cire wa mutum sau biyu. Dokar da na kafa a shagonmu ita ce, idan mai saye ya ce an cire masa, ba a fitar da wata lamba sai an buɗe tarihin ciniki an nemi shaidar farko. In tana nan an biya, shi ke nan. In tana jira, a ba shi kujera da ruwa a dakata kaɗan. In ta faɗi amma kuɗinsa sun fita, a rubuta lambar shaidar da ke cikin saƙonsa da lokacin, don da ita kamfani zai bi sawun kuɗin.

Sai maganar damfara, wadda ita ce aka fi tambayata a kai. Iri biyu ce, kuma ba daidai suke shafar lambobin biyu ba.

Ta farko ita ce canza takarda. Wani ya buga lambar asusunsa a takarda mai danƙo, ya zo da sassafe ko lokacin da aka tafi sallar Azahar, ya manna a kan taka. Masu saye su yi ta biya, kuɗi na tafiya wani wuri. Wayar mai saye ba za ta yi ƙorafi ba, don lambar ɓarawon ma lafiyayyiya ce. A ƙarshen rubutun tsarin EMVCo akwai wasu alamomi huɗu na tantancewa, a gida na 63, amma aikinsu gano ko an karanta rubutun daidai, ba gano ko na mai rumfar ne ba. Wannan cutar ta lambar liƙe ce, mai sauyawa ba ta kwana a waje balle a manna mata wani abu. Maganinta kuma ba tsada. A rufe takardar da roba mai kauri, a rubuta sunan da zai fito a waya da manyan baƙaƙe a ƙarƙashinta, a shigar da ita ciki idan an tashi, a shafa ta da yatsa kowace safiya a ji ko akwai tudun wata takardar a sama. Goggo na da wata al'ada da na fi so a kan duk waɗannan. Duk wanda ya haska sai ta ce, “Ɗana, wane suna ka gani?” In ya faɗi nata ta ce ya ci gaba. Daƙiƙa biyu ne, kuma babu takardar ɓarawo da za ta wuce ciniki ɗaya a rumfarta.

Ta biyu ita ce shaidar ƙarya: hoton tsohon biya da aka gyara, ko saƙon da aka tura daga wata lamba aka tsara shi kamar na kamfani. Wannan tana iya cin kowa, amma ta fi samun wuri a lambar liƙe, don a can ne mai sayarwa ya saba dogara da abin da aka nuna masa. Abin da za a riƙe ɗaya ne ko wacce lamba kake da ita: fuskar wayar mai saye ba shaida ba ce. Shaida tana wayarka. Saƙon gaske yana shiga cikin jerin saƙonnin kamfanin na baya, da sunan kamfanin a sama, ba lambar mutum ba, kuma in ka duba abin da ke asusunka za ka ga ya ƙaru. Idan kuɗin da yawa, ka duba asusun da kanka kafin kaya su bar hannunka, ko da mai sayen Alhaji ne da ka sani, sai ka ce, “Alhaji, a yi mini haƙuri in ga ya sauka.” Babu mutumin kirki da zai ji haushin wannan. Falalar mai sauyawa a nan ita ce ta mayar da wannan dubawar dole, don lambar ce da kanta ke sauya kama a hannunka idan kuɗi sun shigo, ba sai ka je nema ba.

Wani abu da bai kamata a manta ba: duka biyun suna buƙatar mai saye ya kasance da babbar waya mai kyamara da manhaja, kuma galibi da data. Yawancin masu zuwa daga ƙauyukan da ke kewaye da mu ƙaramar waya suke riƙewa. Su hanyarsu ita ce danna lambobi, `*126#` a MTN MoMo ko `#150#` a Orange Money, su bi jerin zuwa biyan ɗan kasuwa su sa lambarsa. Haka abin yake ga masu Airtel Money da Moov Money a tsallaken Kuseri, kowanne da lambobin da ake dannawa. Don haka ko wacce ka zaɓa, ka rubuta lambarka ta ɗan kasuwa ƙarara a inda za a gani. Ka kuma sani wanda ya biya ta wannan hanyar ya koma tsarin liƙe ke nan, shi ya rubuta kuɗin, sai a duba shi da irin idon da ake duba ta liƙe.

Idan wakilin kamfani ya zo rumfarka da takardun rajista, kada ka tsaya a kan kyan kwalin da zai ba ka. Tambaye shi ko asusun na ɗan kasuwa ne ko naka na kanka aka mayar zane, don sharuɗɗan caji da iyakar abin da asusu ke ɗauka sun bambanta. Tambaye shi nawa ake cirewa a kowane ciniki, wa ake cire wa, kuma nawa za ka biya ranar da za ka fitar da kuɗin a hannu. Tambaye shi ko mai asusu a wani kamfanin ko a banki zai iya haska lambar, don ko da yake ƙungiyar GIMAC ta haɗa bankuna da kamfanonin waya na ƙasashen sefa shida na tsakiyar Afirka a tsarin GIMACPAY, wannan bai sa kowace lamba ta karantu a kowace manhaja ba, shi ya sa kake ganin rumfa ɗaya da takardu biyu. In mai sauyawa ce, ƙara da tambayar minti nawa take yi kafin ta mutu, da ko yaron shago zai iya fitar da lamba a wayarsa ba tare da ya iya taɓa kuɗin asusu ba. Wannan ta ƙarshen ita ta ba Kawu damar tafiya Marwa ko Ngaundere sarin kaya hankalinsa kwance, yana ganin kowane ciniki daga inda yake.

A kula kuma da masu buga takardu da ke tallar “QR mai sauyawa” suna nufin wani abu dabam, wato zanen da ke kai mutum wani adireshin intanet da za a iya canzawa daga baya. Wannan na talla ne, ba ya ɗauke da kuɗin ciniki ko shaidarsa. Lambar karɓar kuɗi daga kamfanin da ke riƙe da asusunka kaɗai ake karɓarta.

Ma'aunin da nake ba maƙwabta shi ne su ɗauki cinikinsu mafi yawan faruwa su cire masa sifili ɗaya, su ga ko za su iya haɗiye asarar. Mai shayi, mai ƙosai, mai kayan miya, mai sayar da ruwan sanyi, duk za su iya, kuma saurin hannu ya fi musu komai, su riƙe ta liƙe su riƙa tambayar suna. Mai atamfa, mai wayoyi, mai kayan gyaran babur, mai sayar da buhun masara ko shinkafa, ba za su iya ba, musamman in ba su ne ke zaune a shagon ko da yaushe ba, ko kuma farashinsu na yawan maimaituwa. Waɗannan su nemi mai sauyawa, su sayi abin ajiye caji, su bar ta liƙe a aljihun tebur. Akwai na tsakiya, kamar mai kilishi da ke sayar da na 500 ga mai wucewa da na 20,000 ga matafiyi. Shi na ce ya rataye ta liƙe don ƙananan ciniki, ya sa wa kansa iyaka, misali daga 5,000 zuwa sama, inda zai fitar da lamba a wayarsa in kamfaninsa na ba da duka biyun a asusu ɗaya.

Takardar Goggo ma tana da nata kulawar. An gina QR da rarar bayani ta yadda ko wani sashe ya lalace za ta karantu, daga kusan kashi 7 zuwa kashi 30 cikin ɗari gwargwadon yadda aka buga ta, amma manyan murabba'ai ukun nan na kusurwa su ne idonta, in ɗaya ya goge waya ba za ta gane ta ba. Rana na cinye tawada, ƙurar hunturu na dusashe robar, man ja na ɓata farin gefen da dole a bar shi fili. Duk ranar Juma'a kafin in wuce masallaci nakan tsaya in goge mata ita da tsumma, in haska da wayata daga nisan taku ɗaya, in ga sunanta ya fito. Ranar da na ga sai na matsa kusa sosai kafin ta kama, ranar nake zuwa a bugo sabuwa.